Alewar Cikin Safa

Ita ce 'yar farina, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu, haka na yi. Idan ina son ta miƙo min ludayi sai in ce “ke”, idan ina ba wani labarinta sai in ce “yarinyar nan”. Ƙannenta kuwa har goya su nake ina musu waƙa, amma ita ko kitso sai dai in tura ta maƙwabta. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani, kunya ce, kuma a lokacin ina alfahari da ita, don mata kan ce wance akwai kara.

Tana da shekara goma sha biyar ciwon suga ya kama ta. Ta rame, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, har muka fara zargin ciwon shawara. Da mahaifinta ya kai ta asibiti a Gumel sai aka ce irin sugan nan ne na yara, wanda jiki ya daina yin insulin gaba ɗaya, sai dai a riƙa ba shi ta allura. Aka koya mata yi wa kanta, safe da yamma, kafin cin abinci. Muna zaune a Gagarawa, wuta sai ta ga dama, saboda haka kwalbar maganin a cikin ƙaramin tulu take kwana, mun kafa shi cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan randa. Aka ba mu 'yar na'urar gwaji, da littafin rubuta sakamako. Za ta huda ɗan yatsa, ta ɗiga jini a kan wani siririn abu da muke kira tsinke, na'urar ta nuna lamba. Kowane tsinke sau ɗaya ake amfani da shi.

Ni malamar firamare ce, lissafi nake koyarwa. Ina faɗin wannan ne don a san irin matar da ta kasa ƙirga kwana ashirin da takwas.

Likita ya ce ta riƙa gwaji kullum, ko da sau biyu ne. Amma tsinken nan ba ya isa, gwangwani ɗaya maigidan kan iya sayowa, wani lokacin sai ya kai mu wata biyu. Shekarar farko mun yi ta yadda muka iya. A shekara ta biyu ne na ce bari in nuna gwaninta. Tunda ranar ganin likita Talata ce, duk bayan mako huɗu, sai na tsara cewa mu adana tsinke har makon ƙarshe, sannan ta yi ta gwaji safe da yamma, a je wa likita da shafi cike, kuma sabo. Yadda nake sa 'yan aji biyar bita idan jarrabawa ta matso, haka na ɗauki abin. Sauran makonni ukun kuwa, in dai tana tafiya da ƙafarta, ba ta ce komai ba, to lafiya lau. Gwangwanin ma a jakata yake zama. Har yabon kaina na yi a gaban maigidan, shi ma ya ce dabara ce.

Lambobin makon nan ba su da kyau. Da safe, kafin ta ci komai, na'urar kan nuna goma sha biyu, goma sha huɗu, alhali an ce a nemi wajen shida ko bakwai. Mahaifinta ne ke kai ta Gumel a babur, ni ina makaranta. Ya dawo ya ce likita ya duba littafin ya ɗan ƙara yawan allurar, kuma ya tambaya ko abincinta ya canza, ko akwai wani abu da ke damun ta. Na ce me ta ce? Ya ce ta sunkuyar da kai, ta ce babu. Ya kuma ce likita ya tambayi ina gwajin sauran kwanakin watan, na ce to ya ba mu tsinken mana.

Wata na gaba, haka. Lambobi a sama, an sake ƙarawa kaɗan. Maigidan bai iya faɗa ba, amma da ya miƙo min littafin sai ya ce, “Malama, ke ce a gida da ita. Ki sa ido.”

Maganar ta ƙona min rai. Ni da nake auna mata tuwon dawa da ƙaramin kwano, nake dama mata koko daban babu suga, na hana kowa shigo da lemo gidan, ni za a ce in sa ido? Sai na sa idon. Na lura a irin waɗannan kwanakin tana da kwaɗayi, ta ci nata ta tsaya tana kallon kwanon ƙannenta, ga saurin fushi, ga ƙuraje a goshi. Na ce shi ke nan, tana cin wani abu a ɓoye. Ranar wata Asabar da na aike ta kai niƙa, na shiga ɗakinsu na zazzage akwatinta. A can ƙasa, cikin safar makaranta, na sami alewa guda tara da ƙwayoyin suga na kwali a ƙulle cikin leda.

Na san likita ya taɓa cewa ta riƙa yawo da wani abu mai zaƙi saboda ranar da suga zai faɗi. Na sani sarai. Amma wata uku ina ganin sha uku, sha huɗu, wace faɗuwa kuma? Da ta dawo na zube mata su a kan tabarma, a gaban ƙannenta.

“Ke! Mene ne wannan?”

Ta sauke ƙullin garin, ta durƙusa.

“Ubanki na ƙona mai zuwa Gumel, ni ina auna miki tuwo, ke kina nan kina kashe kanki a ɓoye? Ki buɗe baki ki yi min magana!”

“Umma, ba sha nake ba. Ajiyewa nake.”

“Ajiyewa? Ta haihu ta ba ki 'ya'ya?”

Ƙannen suka yi dariya. Ita kuwa ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ta dubi yaran, ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa. Na raba musu alewar a gabanta. Sugan gidan gaba ɗaya na kulle shi a kabad, na ɗaura makullin a bakin zanina. Dabinon da aka kawo mana tsaraba na aika wa surukata. Ranar nan na ji kaina uwa mai tsayawa a kan 'ya'yanta.

Talatar da ta biyo baya suka je Gumel, aka sake ɗan ƙara allurar. Ranar Alhamis maigidan ya yi sammakon tafiya kasuwar Maigatari, zai sayar da awaki biyu. Makarantarsu tana hutun tsakiyar zango, tamu ba ta yi ba. Ta yi allurarta wajen bakwai, na ga ta kurɓi koko kaɗan ta ture. Na ce ta shanye, ta ce mararta ke ciwo. Ban tsaya a kan maganar ba, don uwa ba ta tambayar 'yar fari abin da ya shafi mara. Na bar mata wankin yara na tafi.

Abin da ya dawo da ni gida lokacin hutun tara, rajistar aji ce da na manta a kan gado. Ba wani jin jiki na uwa ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na shigo na ga bahon wanki a tsakar gida, kumfa ta kwanta, babu kowa. Sai na ji ƙarar ƙarfe daga ɗakina. Tana durƙushe a gaban kabad, da cokali a hannu, tana ƙoƙarin ɓalle kwaɗon.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Yau na kama ki.”

Ta juyo. Gumi ya jiƙe mata riga sharkaf kamar an watsa mata ruwa, leɓenta ya yi fari, hannun da ke riƙe da cokalin yana rawa har yana buga kwaɗon da kansa. Idonta a kaina yake amma ba ni take gani ba. Ta ce wani abu, harshen ya yi nauyi, ban gane ba. Sai ta sulale ta jingina da kabad ɗin.

Na kasa kwance makullin. Ni na ɗaura shi, ƙulli biyu, don kada ya faɗi. Da haƙori na yage bakin zanin. Na zuba suga cokali uku a kofi, na dama da yatsa, na tallafo kanta. Allah ya taimake ni tana iya haɗiya, don an gargaɗe mu cewa wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa. Ta sha da ƙyar, rabi yana bin haɓarta. Na zazzage jakata a ƙasa, na sami gwangwanin, saura tsinke biyu. Ban taɓa huda mata yatsa da hannuna ba sai ranar. Na'urar ta nuna biyu da ɗigo huɗu, kuma wannan bayan ta fara sha ne. Na zauna a ƙasa ina riƙe da ita, ina duba agogo, ina salati. Babu abin da zan iya yi sai jira. Bayan kwata na sake dama mata, na yi amfani da tsinken ƙarshe, ya nuna huɗu da wani abu. Idonta ya dawo, ta gane a jikina take kwance, sai ta yi ƙoƙarin janyewa. Na kawo mata ɗumame ta ci. Da ta miƙe ne na ga tabon jini a bayan zaninta.

Na tare mai babur ya kai mu ƙaramin asibitin garin. Wata nas muka samu, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, mai magana kai tsaye. Ta sake gwada ta, ta karɓi littafin tana juya shafuka, ta ga shafi cike, sai fili, shafi cike, sai fili. Ta ɗago ta ce, “Malama, yaushe al'adarta ta zo?”

Na ce ban sani ba.

“Ta watan jiya fa?”

Na ce ban sani ba. Gida ɗaya muke, buta ɗaya muke ɗauka, amma idan na ga ba ta yi alwala ba sai in kau da kai, ita ma takan shige ɗaki lokacin sallah don kada a lura. Nas ɗin ta dube ni, ta ja yarinyar bayan labule. Labulen yadi ne, ina zaune a benci ina jin komai.

Nas ta tambaye ta ranaku, yarinyar ta ba ta su ɗaya bayan ɗaya, na wata huɗu, ba gargada. Na ji nas tana buɗe littafin tana dubawa. Kowane wata, jinin kan zo kwana ɗaya zuwa uku bayan Talatar asibiti. Wato makon da na zaɓa don gwaji, shi ne daidai makon da ke gaban al'adarta, wata bayan wata.

“Kin taɓa jin irin na yau?”

“Ina ji. Duk ranar da na ajiye sallah, da washegari. Jiri da rawar jiki. Idan na sha alewa biyu sai ya sake ni. Na yau ne ya fi.”

“Tun yaushe?”

“Tun bara na lura. Amma da aka fara ƙara allurar ya ƙaru.”

“Me ya hana ki gaya wa likita?”

“Baba yana zaune a wajen.”

“To Ummanki fa?”

Yarinyar ta ce, a hankali, ba da fushi ba, “Anti, Umma fa ko sunana ba ta faɗa. Ta ina zan fara?”

Na so in tashi in fita. Ban taɓa jin na muzanta irin na ranar ba.

Nas ta fito ta zauna kusa da ni, ta yi min bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ta ce a jikin mata da yawa masu suga, kwanakin da ke gaban al'ada sinadaran jiki kan canza, insulin ya rage kama jiki, sai suga ya hau ko da abincin bai canza ba, ga kwaɗayi da kan zo a lokacin. Da jini ya sauko sai jiki ya koma karɓar maganin sosai, wani lokacin cikin yini guda. To idan an ƙara allura saboda lambobin wancan makon, aka ci gaba da yin ta haka, ga ciwon mara ya hana cin abinci, ga wanki, sai sugan ya faɗo. Ta ce ba kowace mace ba ce haka, wata ba ta ganin bambanci, wata nata ya sha bamban, shi ya sa sai an bi na kowa an gani. Likita kuwa abin da aka kai masa shi ya gani.

Ta karɓi birona ta tsara mana. Tsinken nan dai da ba ya isa, a baza shi cikin watan duka. A makonnin da babu komai, gwajin safe ko da bayan kwana biyu ne, wani lokacin a sauya da na yamma. Mako guda kafin lokacin da ake sa ran jini, kullum. Ranar da ya zo da kwana biyu bayanta, nan za a fi zuba tsinke, kafin kowace allura, da tsakar rana, da kafin kwanciya, da duk lokacin da ta ji jiri. A gefen shafi ta riƙa sa alama ranar farko da ranar ƙarshe. Ta kira likitan a waya a gabanmu, ya ce a koma adadin allurar da take yi kafin ƙarin, mu zo ranar Talata. Nas ta ce kada mu kuskura mu ƙara ko mu rage da ka, sai abin da ya tsara. Ta ƙare da cewa, “Alewar nan kuma magani ce, Malama. A mayar mata.”

Talatar ni na kai ta. Na ce wa maigidan maganar mata ce, bai tambaya ba, ya ba ni kuɗin mota. A gaban likita ma sai da nas ɗin wajen ta taya ni, don bakina ya yi nauyi. Wata uku muna cika littafin yadda aka ce, sannan hoton ya fito, ko ni na gan shi: hawa a hankali na kwana biyar ko shida, sai gangara ranar da aka sa alama. Likita ya rubuta mata adadi biyu, na kullum da na wancan makon mai ɗan ƙari, ya ce da ta ga jini ta koma na kullum, ba sai gobe ba.

Na ɗauka an gama, tunda lissafi ya fito. Ashe jiki ba allo ba ne. Wani watan jinin ya yi jinkirin kwana biyar, ta yi ta zama a sama, ba mu san ko a ci gaba da ƙarin ba. Lokacin jarrabawarta ya zo da wuri, ya same ta da ƙarin a jiki, sai da ta sha alewa a cikin aji. Wani watan kuma babu hawan ma sam. Na'urar ce kawai ke faɗin gaskiya, ita kuma sai da tsinke. An ce akwai wata da ake mannawa a dantse tana aunawa dare da rana, na gan ta a waya, ban taɓa ganin ta a hannun kowa a garinmu ba.

Alewar, na sayo leda guda a Gagarawa Tasha. Na jira ta fita, na zuba a cikin safar nan, na mayar ƙasan akwatin inda na same ta. Ba ta ce ta gani ba, ni ma ban ce na sa ba. Haƙurin da na iya bayarwa ke nan, kuma na san bai kai ba.

Yanzu tana karatu a Gumel, a ɗakin kwanan ɗalibai. Littafin yana hannunta, na'urar ma. Ni abin da ya rage min kalandar bangon ɗakina, inda nake sa ɗan ɗigo da jan biro, ina ƙirgawa daga abin da na iya tsinta lokacin hutu. Ƙila ma ƙirgena ya daɗe da kaucewa. Idan ɗigon ya matso ba na iya koyar da komai, in rubuta jimla a allo in tsaya ina tunanin ko ta karya, ko 'yan ɗakinsu sun san abin yi, ko akwai tsinke.

Makon jiya ranar ta zo, a ƙirgena. Lokacin tara na koma bayan aji na kira ta. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, na sake, har sau shida. Tsakanina da ita tafiyar da ba ta kai awa ba, amma da wani abu ya faru, kafin in sami babur an gama. Na tsaya riƙe da waya, yara na ta ihu a fili, ina ganin cokalin nan yana buga kwaɗo.

Sai ga kiranta.

“Umma, muna lacca ne. Lafiya?”

Na shirya tambayar tun a gida, kalma huɗu ce kawai. Na buɗe baki, sai na ji na ce, “Kin ci abinci?”

Ta san abin da nake tambaya.

“Jiya ya zo, Umma. Na koma na kullum. Na gwada da safe, biyar da ɗigo takwas. Alewar tana cikin jakata.”

Sunanta ya zo min har bakin leɓe. Shekara ashirin yana nan, ni na zaɓa mata shi ma, ta bakin mahaifinta. Na ce, “To, madalla. Ke, ki kula.” Aka kaɗa ƙararrawa, na goge fuskata da bakin mayafi na koma aji.